Saƙon Neman Bayanin Kaya: Abin da Ƙaramin Ɗan Kasuwa Ke Tambayar Mai Ba Shi Sari Kafin Ya Yi Talla

Bayanin kaya shi ne 'yan layukan da mai sayarwa yake rubutawa a ƙarƙashin hoton hajarsa idan ya ɗora ta a WhatsApp, Instagram, Facebook ko shagunan intanet irin su Jumia da Jiji. A ciki ake faɗin sunan kayan, da awonsa, da irin zarensa, da kalarsa, da farashinsa. Mai saye da ke Gusau ko Maraɗi ba ya iya taɓa yadin da ke Kano, don haka waɗannan layuka su ne madadin hannunsa da idonsa. Matsalar ita ce ƙaramin ɗan kasuwa ma sau da yawa bai taɓa kayan ba a lokacin da yake rubuta bayanin. Hoto aka turo masa daga shagon mai ba da sari, shi kuma ya tura wa jama'a. Saboda haka ingancin tallarsa ya rataya ne a kan saƙon da ya aika wa mai ba shi sari, da kuma irin amsar da ya samu.

Harkar sutura ita ce ta fi fito da wannan al'amari sarari. Mata da matasa masu yawa suna saro atamfa, shadda da leshi daga Kantin Kwari a Kano, su sayar daga gida ta waya. Wasu ma ba sa ajiye kaya, sai an biya su sannan su sa a ɗauko daga kasuwa a kai tasha. Misalin da za a bi a nan shi ne na wata mai sayar da kaya a Zariya da take son tallata turmi 20 na atamfa da kuma shadda kala uku daga shagon wani Alhaji a Kwari. Farashin da za a ambata na misali ne kawai, domin kasuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Dalilin da ya sa bayanin ya zama nauyi a kan mai talla

Duk abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoto alkawari ne. Idan mai talla ta rubuta cewa atamfa auduga ce zalla, aka kai wa mai saye ta tarar da roba a ciki, ba Alhajin Kwari za a kira ba, ita za a kira. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta hana a siffanta kaya da abin da zai yaudari mai saye, kuma ta buƙaci kayan da aka sayar bisa siffantawa su dace da siffar da aka faɗa.

Fiƙihun Malikiyya ma ya daɗe da sanin irin wannan ciniki. Ya halatta sayar da abin da ba ya gaban ido matuƙar an siffanta shi yadda zai kawar da jahilci. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai babi a kan sayar da ɗaurin tufafi bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki, ba tare da an kwance ɗaurin ba. Cinikin yana tabbata idan kayan suka zo daidai da abin da takardar ta faɗa, idan kuwa suka saɓa, mai saye yana da zaɓi. Bayanin da ake rubutawa a waya a yau yana matsayin waccan takardar. Idan babu cikakkiyar siffa, abin ya koma cinikin biri a sama.

Suna da asali

Tambaya ta farko ita ce sunan kayan kamar yadda yake rubuce a jikinsa, domin sunan da baki ke kira a kasuwa yakan fi na gaskiya faɗi. Holan ta asali kamfanin Vlisco ne ke buga ta a garin Helmond na ƙasar Holan. Gezna ta asali kuwa kamfanin Getzner ne ke saƙa ta a Bludenz ta ƙasar Ostiriya. Amma a bakin kasuwa akan kira shadda mai sheƙi da sunan gezna ko da daga Sin ta fito, kamar yadda akan kira atamfa mai kyan bugu da sunan sufa ba tare da an damu da wanda ya buga ta ba. Tsakanin 'yan kasuwa wannan ba ya zama ruɗu, domin farashi kaɗai ya isa ya nuna musu abin da ake nufi. Mai saye da ke gida ba ta da wannan ilimi, abin da ta karanta shi take ɗauka.

Don haka tambayar "Alhaji, ta asali ce?" ba ta wadatar, domin amsar da takan biyo baya ita ce "mai kyau ce sosai". Abin da ake nema shi ne hoton takardar da aka manna a jikin turmin, da hoton rubutun da ke gefen atamfar, inda kamfanoni da dama ke buga sunansu da lambar zanen. A tambayi kuma ƙasar da aka yi ta. Takarda da tambari ma akan kwaikwaye su, saboda haka sai a haɗa da farashi: idan kuɗin sari bai kai rabin na ta asali ba, to hoton takardar bai isa hujja ba. Idan kayan kwaikwayo ne, babu laifi a sayar da shi da sunansa na gaskiya, kamar a rubuta "shadda 'yar Sin mai sheƙi". Laifin yana ga ɗora masa sunan kamfanin da bai yi shi ba.

Tsawo da faɗi

A wajen awo ne aka fi samun rigima, domin ma'auni biyu ne ke yawo a kasuwa ɗaya. Yadi ɗaya inci 36 ne, wato santimita 91 da ɗigo kaɗan. Mita ɗaya kuwa santimita 100 ce. Turmin atamfa da aka saba yadi 6 ne, kimanin mita 5 da rabi. Leshi yawanci yadi 5 ake yanka shi. Shadda kuwa wasu da mita suke sayar da ita, wasu da yadi, kuma akwai masu cewa "biyar" kawai ba tare da sun faɗi biyar ɗin me ba. Yadi 5 mita 4.57 ne, wato ya gaza mita 5 da santimita 43. Wannan ragin ya isa ya hana tela fitar da hannun riga.

Faɗi shi ne abin da aka fi mantawa, alhali shi ne ke nuna yawan yadin da mutum ya saya a zahiri. A ɗauki shadda biyu. Ta farko mita 5 ce mai faɗin santimita 160, ta biyu yadi 5 ce mai faɗin santimita 130. Idan aka ninka tsawo da faɗi, ta farko tana da murabba'in mita 8, ta biyu kuwa ba ta kai 6 ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke nan ya ɓace, alhali dukansu an tallata su da sunan "biyar". Mutum mai jiki da ya saba ɗinka kaftani da wando daga mai faɗi zai ji daga bakin tela cewa yadin bai isa ba, kuma a lokacin an riga an sa almakashi, ba a mayarwa.

Hanyar kauce wa wannan ita ce a roƙi mai shago ya sa yaro ya shimfiɗa yadin, ya ɗora tef ɗin awo a kan faɗinsa daga gefe zuwa gefe, ya ɗauki hoto yadda lambar za ta fito. A leshi akwai ƙarin tambaya: shin faɗin da aka faɗa ya haɗa da bakin da ba a yi wa ado ba, kuma adon yana gefe ɗaya ne ko gefe biyu? Tela yana buƙatar sanin wannan kafin ya tsara riga da zani.

Zare da rini

Masu saye a ƙasa mai zafi suna son sanin ko yadi auduga ne ko roba, domin roba tana riƙe zafi kuma ƙarfen guga yana iya ƙona ta. Kalmar "kwatin" da ake ji a kasuwa wani lokaci tana nufin auduga zalla, wani lokaci kuma gaurayen da auduga ta fi yawa a ciki. Abin tambaya shi ne ko takardar jikin kayan ta rubuta kashi nawa ne auduga. Idan ba ta rubuta ba, mai talla ba ta da ikon rubuta "auduga zalla" sai ta gwada da kanta. Gwajin ba shi da wuya. A zare 'yan zaruruwa daga bakin yadin a kusanta su da wutar ashana. Auduga tana ci da wuta, tana warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Roba kuwa takurewa take yi ta narke, ta bar ɗan ƙululu mai tauri. Gauraye yakan nuna alamun duka biyun.

Tambaya ta gaba ita ce ko kayan yana zuba. Amsar "ba ya zuba" ita ce kowa zai bayar, don haka an fi samun gaskiya idan aka tambayi ko wani ya taɓa dawo da shi saboda zuba, ko kuma wace kala ce a cikinsu aka fi kuka da ita. Idan kayan ya iso, sai a jiƙa farin ƙyalle a goga a kan wurin da rini ya fi duhu. A atamfa kuma ana neman hoton baya da gaba. Wadda aka yi wa bugun kakin zuma rininta yana ratsawa, fuskokin biyu su yi kusan daidai. Wadda aka yi wa bugun fuska ɗaya kuwa bayanta yakan yi fari-fari. Wannan bambanci yana da tasiri a farashi, kuma mai ɗaura zani ko ɗankwali tana lura da shi.

Kala, lambar zane da hoto

Fitilun shago suna canza kala, kyamarar waya ma tana ƙara nata. Shuɗi mai duhu yakan fito kamar baƙi, ruwan toka ya koma kamar sararin samaniya, ruwan ƙasa ya yi ja. Saboda haka ake roƙon a fito da kayan bakin shago a ɗauki hoton a hasken rana, a inuwa, ba tare da gyaran hoto ba. Idan aka ajiye farar takarda a gefen yadin, mai kallo zai gane ko hasken ya karkata, domin takardar ma za ta sauya. WhatsApp yana rage ƙarfin hoto idan an tura shi yadda aka saba, amma idan aka zaɓi Document wajen turawa, yakan iso da cikakken ingancinsa. Gajeren bidiyo da ake motsa shadda a cikinsa yana nuna sheƙi da tauri fiye da hoto.

Sunan kala shi kaɗai ba ya isa wajen oda. Lambar zane da lambar kala, idan akwai su a jikin kayan, su ne ke hana a aiko da wani abu daban da sunan "irinsa ne". Wannan ya fi tsanani a kan ankon biki. Zane ɗaya da aka buga a lokuta biyu yana iya bambanta kaɗan a kala, kuma ba a ganewa sai ƙawayen amarya sun jeru a hoto. Mai karɓar odar anko ya wajaba ta tambayi turmi nawa ake da su daga shigowa ɗaya, kuma ko za a iya ware mata su.

Adadi, aibu, farashi da mayarwa

Tallata abin da ya ƙare yana zubar da mutunci kamar tallata abin da ba haka yake ba. Ana tambayar guda nawa suka rage a kowace kala, da ko za a sake kawowa. Ana tambayar aibu da sunansa: tabon mai, hujin ƙusa daga ɗauri, layin da bugu ya kauce, ko turmin da aka haɗa daga yanka biyu. Ana tambayar farashin sari, da adadin da farashin ya fara aiki a kansa, da ranar da zai daina aiki, domin kayan da ake shigowa da su suna bin canjin dala. Daga ƙarshe a san sharaɗin mayarwa: kwana nawa aka bayar, kuma wa zai biya kuɗin mota.

Lissafi kaɗan yana nuna amfanin wannan. A ce sarin turmi naira 14,000 ne, kuɗin mota daga Kano zuwa Zariya na turmi 20 kuma naira 6,000, wato 300 a kan kowane turmi. Idan ta sayar a kan 16,500, ribarta 2,200 ce a turmi. Idan wata mai saye a Abuja ta dawo da turmi ɗaya saboda bayanin bai dace ba, kuma kai da dawowa suka ci naira 6,000 daga aljihun mai talla, ribar kusan turmi uku ta tafi a kan layi ɗaya da ba a tantance ba.

Yadda ake tsara saƙon

Mai shago a Kwari yana amsa waya ne a tsakiyar ciniki, ga masu saye a gabansa, ga 'yan dako suna jiran a sallame su. Saƙon da zai samu amsa shi ne wanda ya fara da gaisuwa a taƙaice, ya nuna kayan da ake magana a kai ba tare da shakka ba, ya faɗi dalilin tambayar, sannan ya jera tambayoyin da lamba yadda kowace za ta amsu da kalma ɗaya ko hoto ɗaya. Faɗin dalili yana da amfani, domin tambaya a kan asali da aibu tana iya zama kamar zargi idan ba a nuna cewa don kare sunan kowa ake yin ta ba. Ga yadda irin wannan saƙo yake kasancewa:

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa, ya iyali? Hajiyar Zariya ce da ta ɗauki leshi a wajenku watan jiya. Ina so in ɗora atamfar nan mai ganye da kuka turo jiya, da shadda kala uku, fara, ruwan toka da shuɗiya. Na sake turo hotunan a ƙasa don kada a samu saɓani. Ba na so in rubuta abin da ba haka yake ba a dawo mana da kaya, shi ya sa nake roƙon a taimaka mini da waɗannan:

1. Hoton takardar jikin atamfar da rubutun gefenta, da ƙasar da aka yi ta.
2. Turmin yadi 6 ne cif? Faɗinsa inci nawa? A ɗora tef a ɗauko mini.
3. Shaddar da mita ake yankawa ko da yadi? Faɗinta nawa?
4. Takardar ta rubuta auduga zalla ko akwai roba?
5. Hoton gaba da baya a hasken waje.
6. Guda nawa suka rage a kowace kala, kuma duk shigowa ɗaya ne?
7. Akwai mai tabo ko haɗi a ciki?
8. Nawa ne sarin turmi 20, kuma zuwa yaushe farashin zai tsaya?
9. Idan aka samu aibu, kwana nawa nake da su in dawo da shi?

Ko yaron shago ne ya amsa mini ya isa. Ina so in ɗora gobe da yamma in Allah ya kai mu. Allah ya ƙara buɗi."

An raba tambayar atamfa da ta shadda domin kada amsa ɗaya ta rufe biyu. An sake tura hotunan domin shago ɗaya yana iya samun atamfa mai ganye iri goma. An kuma faɗi lokacin da ake buƙatar amsa ba tare da matsa wa babba ba.

Karanta amsa da tabbatar da ita

Yawancin amsoshi da murya suke zuwa, kuma a cikin hayaniyar kasuwa "sha biyar" da "sha tara" suna iya rikicewa. Abin yi shi ne mai tambaya ta saurara, ta rubuta abin da ta fahimta, ta mayar masa: "Alhaji, na fahimci atamfa yadi 6, faɗi inci 46, 'yar Sin, saura turmi 32, sari 14,000 zuwa Juma'a. Haka ne?" Kalmar "haka ne" da zai rubuto ita ce shaidar da za a koma gare ta idan an samu saɓani.

Akwai alamun da ke nuna amsa ba ta cika ba. Na farko shi ne yabo a gurbin lamba, kamar a tambayi faɗi a ce "ai tana da faɗi sosai". Na biyu shi ne tsallake tambaya ɗaya a amsa sauran, wanda sau da yawa yakan faɗa a kan tambayar asali ko ta aibu. Na uku shi ne hoton da ba a shagon aka ɗauka ba, irin na kamfani mai tsabtataccen bango, wanda ba ya nuna kayan da ke ƙasa. Ba dole ba ne waɗannan su zama ha'inci, domin wani lokaci mai shagon ma bai auna ba, yadda aka faɗa masa yake faɗa. Sai a maimaita tambayar ita kaɗai cikin ladabi. Idan har amsa ba ta samu ba, ƙa'idar ita ce abin da ba a tabbatar ba, ba a rubuta shi. Gara bayani ya yi shiru a kan zare da ya ce auduga bisa zato. Idan odar tana da yawa, sayen turmi ɗaya a auna a gwada kafin talla ya fi kowace amsa, domin gani ya kori ji.

Daga amsa zuwa bayanin kaya

A misalin da ake bi, a ce amsa ta nuna atamfar 'yar Sin ce, takardarta ta rubuta auduga zalla, shaddar kuma da yadi ake yankawa, faɗinta santimita 130, kuma shuɗiyar guda huɗu ta rage. Bayanin atamfar zai zama kamar haka: "Atamfa 'yar Sin, auduga, turmi yadi 6, faɗi inci 46. Kore da ruwan goro. An ɗauki hoton a hasken rana. Naira 16,500, ban da kuɗin aike. Ana karɓar mayarwa cikin kwana uku idan ba a yanka ba." Na shaddar kuma zai faɗi ƙarara cewa yadi 5 ne, wato mita 4.57, ya faɗi faɗin, ya ƙara da cewa mai jiki ya tuntuɓi telansa ko ya ɗauki yadi 6. Wa'adin mayarwa da mai talla za ta bai wa masu saye ya kamata ya gaza wanda Alhaji ya ba ta, domin a bar wa kayan kwanakin hanya.

Bayanin da aka rubuta na wannan shigowar ne kaɗai. Idan kayan ya ƙare aka kawo sabo, ko da zanen bai canza ba, faɗi da kala da farashi suna iya canzawa, don haka ana sake tura tambayoyin awo, adadi da farashi kafin a sake ɗora tsohon hoto. Amsoshin kuma ana adana su a littafi ko a waya tare da kwanan wata da lambar zane, yadda idan ƙorafi ya zo za a iya gane ko kuskuren daga shago ya taso, ko daga rubutun talla, ko daga fahimtar mai saye.